Sunansa Ɗan Kwangila, Aikinsa Na Ma'aikaci

Manomin Sundimina ba ya bukatar lauya ya bambance masa jinga da barantaka. Idan ya yi jingar huɗar gonarsa da mai garmar shanu, an yanke kuɗi, an yanke aiki, magana ta ƙare. Mai garma zai zo da shanunsa, ya fara lokacin da ya ga dama, ya tura ƙanensa idan uzuri ya taso, kuma in sansa ya karye asararsa ce shi kaɗai. Yaron da ke kwana a gidan manomin yana tashi da umarninsa kuwa, hukuncinsa daban ne. Cinsa da suturarsa da maganinsa suna wuyan maigida, kuma duk wanda ya kori irin wannan yaro ranar da ya kwanta ciwo, gari zai yi da shi. Malaman fiƙihu ma sun raba su tun da daɗewa: akwai ɗan aikin da mutum ɗaya ya keɓe wa kansa, wanda ake biya saboda lokacinsa, akwai kuma wanda yake yi wa kowa aiki, kamar maɗinki da marini, wanda ake biya saboda abin da ya kammala.

Abin da ke faruwa yanzu a kamfanoni da makarantu da asibitocin kuɗi, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Kano, shi ne an gano dabarar haɗa biyun a kan mutum ɗaya. Ana juya shi kamar bara, ana biyansa kamar ɗan jinga. Da ƙarfe takwas yake zuwa, yana sa hannu a rajista, yana neman izini kafin ya je jana'iza, amma takardar da aka ba shi ta ce shi ɗan kwangila ne, ko mai ba da shawara, ko ɗan wucin gadi, ko ɗan sa-kai. Wannan suna dabara ce ta ɗauke nauyi daga wuyan mai kamfani a ɗora shi a wuyan wanda ya fi kowa rauni a cinikin. Abin da ya sa dabarar take ci shi ne kuɗin da ke shiga hannu a ƙarshen wata yakan fi yawa, sai mutum ya ɗauka an yi masa alheri. Lissafi ne kawai zai nuna inda aka yi masa sakiyar da babu ruwa.

Wa da ƙane a sito ɗaya

A ƙaddara wa da ƙane ne daga Sundimina, dukansu magatakardan sito a wani kamfanin casar shinkafa mai ma'aikata arba'in a kan hanyar Birnin Kudu. Aikinsu ɗaya: ƙirga buhunan da suka shigo, rubuta waɗanda suka fita. An ɗauki wan a matsayin ma'aikaci kan naira 150,000 a wata. An ɗauki ƙanen a matsayin ɗan kwangila kan naira 165,000, aka ce masa ya fi wansa sa'a, domin shi ba za a riƙa yanke masa fansho ba.

A fara da wan. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, ya zuba duka a asusun fansho mai sunan ma'aikacin. Idan aka ɗauka albashin wan gaba ɗaya yana cikin abin da ake lissafa wa fansho, za a cire masa naira 12,000, kamfani ya ƙara naira 15,000. Kowane wata naira 27,000 ke nan suke shiga asusunsa, wanda zai bi shi duk inda ya koma aiki.

Sai haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, sannan ta sa kashi 15 cikin 100 kan naira miliyan 2.2 da ke biye. Albashin wan a shekara naira 1,800,000 ne. Kafin a lissafa haraji ana cire kuɗin fanshonsa, naira 144,000, saura naira 1,656,000. A cire 800,000 da aka yafe, saura 856,000. Kashi 15 na wannan shi ne naira 128,400 a shekara, wato naira 10,700 a wata. Kamfani ne yake cirewa ya aika wa hukumar tattara haraji ta jihar Jigawa a Dutse, a tsarin da ake kira PAYE. Abin da ke shiga hannun wan a ƙarshen wata shi ne naira 127,300.

Ƙanen kuwa ba a cire masa fansho, ba a cire masa PAYE. Abin da ake cirewa shi ne harajin riƙo, wanda mai biya yake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila kafin ya miƙa masa. A ƙa'idojin da suka fara aiki a farkon 2025, kashi 5 cikin 100 ne ga aikin shawara da na ƙwararru da kamasho, kashi 2 ga sauran ayyuka, kuma ana ninka shi idan mutum ba shi da lambar haraji. Takardar ƙanen ta kira shi mai ba da shawara, don haka ana riƙe naira 8,250, ya karɓi naira 156,750. Ya fi wansa da naira 29,450 a kowane wata. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce wan ne aka cuta.

Sai dai harajin riƙo kafin alƙalami ne. Bai sauke wa ƙanen nauyin haraji ba. Doka tana kallonsa a matsayin mai sana'ar kansa, wanda zai bayyana wa hukuma abin da ya samu a shekara kafin ƙarshen watan Maris, ya cika abin da ya rage. Ya samu naira 1,980,000. A cire 800,000, saura 1,180,000, harajinsa naira 177,000. An riga an riƙe masa 99,000, saura naira 78,000 ana binsa, wato naira 6,500 a kowane wata. Ɗan kwangila na gaskiya yana da damar cire kuɗin da ya kashe wajen aikin, kamar mai da gyaran inji da ladan yaransa, kafin a lissafa masa haraji. Ƙanen ba shi da abin cirewa, domin biron da yake rubutu da shi ma na kamfani ne. Abin da yake nasa da gaske a wata shi ne naira 150,250.

Yanzu a jera su. Wan yana da naira 127,300 a hannu da naira 27,000 a asusun fansho, jimla naira 154,300. Ƙanen yana da naira 150,250, ba shi da komai a ajiye. Tun kafin a zo maganar hutu da ciwo, wanda aka ce ya fi sa'a yana baya da naira 4,050 a wata. A kuma duba ɓangaren mai kamfani. Wan yana cin masa naira 150,000 na albashi, da 15,000 na fansho, da 1,500 na inshorar rauni, jimla naira 166,500, ban da inshorar rai. Ƙanen yana cin masa naira 165,000 cif. Ƙarin naira 15,000 da aka yi wa ƙanen tinƙaho da shi, kason fanshon nan ne da ma doka ta ɗora wa kamfani. An miƙa masa haƙƙinsa a hannu, an sa masa haraji a kai, an kuma ce ya yi godiya.

Wannan ma misali ne na mai kamfani mai ɗan sauran kunya. Da yawa ba sa ƙara ko sisi. Da a kan naira 150,000 aka ɗauki ƙanen, harajinsa zai zama naira 150,000 a shekara, ya fi na wansa da naira 21,600 a kan aiki ɗaya da kuɗi ɗaya, ga shi babu fansho.

Abin ya fi muni a ƙasa. Wanda yake samun naira 60,000 a wata, naira 720,000 ke nan a shekara, bai kai inda haraji yake farawa ba. Idan ma'aikaci ne, ba za a taɓa masa ko kwabo ba. Idan babban kamfani ya rubuta shi a matsayin mai ba da shawara, za a riƙe masa naira 3,000 kowane wata, naira 36,000 a shekara, kuɗin da hukuma ba ta binsa. A rubuce yana iya neman a mayar masa. A aikace sai ya samu takardar shaidar riƙon daga kamfani, ya cike takardun bayyana samu, ya yi ta jeka-ka-dawo tsakanin Sundimina da Dutse har kuɗin mota su cinye abin da ya je nema. Ƙa'idojin sun sauke wa ƙananan kamfanoni wannan riƙo idan kuɗin bai wuce naira miliyan 2 a wata ba kuma mai karɓa yana da lambar haraji, amma saukin bai shafi manyan da suka fi ɗaukar mutane ba.

Ranar da jiki ya ƙi

Bambancin naira dubu huɗu ba zai tayar wa kowa da hankali ba. Inda ramin yake shi ne ranar da mutum ya kasa zuwa aiki.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata goma sha biyu a jere. Ta ba shi har kwana goma sha biyu na rashin lafiya a shekara da albashinsa, muddin likita ya shaida. Mace tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, kuma idan ta kai wata shida a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Waɗannan haƙƙoƙi ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe, amma ɗan kwangila ko su ba shi da su. Idan aka raba kuɗin ƙanen a kan kwana 26 na aiki, yininsa ya kai kimanin naira 6,350. Zazzaɓin damina ya kwantar da shi kwana goma sha biyu, ya ƙara kwana shida na hidimar gida, ya rasa kimanin naira 114,000 a shekarar. Wansa zai yi wannan fashi ba tare da an taɓa albashinsa ba.

A sito ana ɗaga buhu, ana aiki kusa da bel ɗin inji. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga hukumar NSITF, ba tare da ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyarsa ta zuwa da komawa, kuma wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan tarin buhuna ya rufto wa wan, aka kwashe shi zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, akwai takardar da za a cike, akwai asusun da za a nema. Idan ƙanen ne, sunansa ba ya cikin jerin albashin da aka kai wa hukumar. Abin da zai samu shi ne abin da zuciyar mai kamfani ta ba shi, sai kuma karo-karon dangi.

Idan ta Allah ta kasance, dokar fansho ta wajabta wa kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalan wan suna da naira miliyan 5.4, ga abin da ya taru a asusunsa. Iyalan ƙanen za su samu ta'aziyya da buhun shinkafa na sadakar uku.

Haka abin yake wajen sallama. Dokar ƙwadago ta yanka wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Wannan ne ya sa wasu wurare suke sabunta takardar mutum duk bayan wata uku ko wata goma sha ɗaya, don kada ya taɓa tara kwanakin da za su ba shi haƙƙi. Mutum sai ya yi shekara bakwai a wuri ɗaya, a takarda kullum baƙo ne da ya zo jiya.

Abin da kotu take dubawa

Mai kamfani zai ce ai ƙanen da hannunsa ya sa hannu. Doka ba ta tsaya a nan ba. A shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2008, an jera alamomin da ake bi a gane wane ne ma'aikaci, wane ne ɗan kwangila. Albashi ake biyansa duk wata, ko lada a kan aikin da ya kammala? Kayan aikin na wane ne? Yana iya tura wani ya yi a madadinsa? An yanka masa lokacin zuwa da na tashi? A wurin mai aikin yake yi, ko inda ya ga dama? An ba shi ofis? Waɗannan tambayoyi su ne dai waɗanda manomin Sundimina yake yi wa kansa kafin ya ce wannan jinga ce, wannan barantaka ce. A ɗora su a kan ƙanen: kuɗi iri ɗaya duk wata, teburin kamfani, littafin kamfani, takwas zuwa biyar, ba ya tura kowa, ba ya yi wa kowa aiki sai su. Ta kowace fuska ma'aikaci ne. An sauya wa tuwo suna ne kawai.

Dokar ƙwadago ma, a sashe na 91, ta faɗaɗa ma'anar ɗan ƙwadago har ta haɗa wanda aka yi yarjejeniya da shi da baki, da wanda ya ɗauki alkawarin yin aikin da kansa. Sashe na 7 kuma ya ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Dokar diyya ta 2010 ta ambaci ɗan wucin gadi da mai aikin rabin yini a cikin waɗanda ta rufe. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano, ita kaɗai ce take sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma ta sha bin ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa a shawararta mai lamba 198 ta 2006, cewa yadda ake gudanar da aiki a zahiri ya fi ƙarfin sunan da aka rubuta. A kan irin wannan hujja Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi yarda a 2021 cewa direbobin Uber 'yan kwangila ne masu zaman kansu.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Dokar ƙwadago ta cire masu aikin gudanarwa da shugabanci da ƙwararru daga ma'anarta, saboda haka malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya za su iya samun ana yi musu gardama cewa hutun kwana shida da na goma sha biyu bai shafe su ba. Nasu hutun yana fitowa daga takardar ɗaukarsu ko ƙa'idojin aikin gwamnati. Fansho da inshorar rauni da PAYE kuwa ba su da wannan togiya.

Gwamnati ma ta san bambancin

Babbar mai ɗaukar aiki a kudancin Jigawa ita ce gwamnati, kuma ita ma tana amfani da wannan ƙofa. A 2021 gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta ɓullo da shirin J-Teach, ta ɗauki malamai 4,500 na wucin gadi don cike giɓin azuzuwa, aka kuma yi irinsa a ɓangaren lafiya da sunan J-Health. Waɗannan malamai ba a kira su 'yan kwangila ba, kuma harajinsu ba irin na ƙanen ba ne, amma matsayinsu ɗaya a abin da ya fi muhimmanci: alawus suke karɓa, ba sa kan matakin albashi, kuma shekarunsu ba sa shiga lissafin fansho. Jigawa tana da tsarin fansho na karo-karo nata na kanta tun 2001, inda ma'aikaci yake ba da kashi 8, gwamnati ta ba da kashi 17, kuma jihohi da dama sun zo koyon yadda ake gudanar da shi. Malamin da ke koyarwa a firamaren Sundimina kan alawus yana riƙe alli ɗaya da abokinsa na ajin kusa, yana sa hannu a rajista ɗaya, amma wancan kashi 17 bai san da shi ba.

Bayan hawansa mulki a 2023, Gwamna Umar Namadi ya mayar da 3,000 daga cikin malaman J-Teach ma'aikata na dindindin masu fansho. Wannan mataki ya cancanci yabo, kuma shi kansa shaida ne. Da babu bambanci tsakanin matsayin biyu, da ba a yi bikin miƙa takardu ba, da kuma dubban matasa ba su yi shekaru suna jiran ranar ba. Shirin wucin gadi yana da hujja idan gada ce mai wa'adi sananne da sharuɗɗan tsallakewa a rubuce. Idan gadar ta zama mazauni, aji yana bukatar malami kowace shekara amma malamin kullum na wucin gadi ne, to gwamnati ta koya wa masu makarantun kuɗi darasin da za su riƙe, kuma ba ta da bakin tsawata musu.

Hujjojin masu kare tsarin

Hujja ta farko ita ce matashi yana bukatar kuɗinsa yau, kuma fanshon da za a karɓa bayan shekara talatin hauhawar farashi zai cinye shi. Wannan ba ƙarya ba ne. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100, kuma mai naira 127,300 da iyali ba ya ganin naira 27,000 da ke kulle a matsayin dukiya. To amma hujjar tana aiki ne a kan fansho kaɗai. Ba ta bayyana dalilin da zai sa a ɗauke masa hutun ciwo, da inshorar rauni, da inshorar rai, da wa'adin sallama ba, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ake cirewa daga albashinsa. Wanda yake tausaya wa matashi da gaske sai ya ƙara masa albashi ya bar masa inuwarsa. Akwai tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019 don masu sana'ar kansu, kuma ƙanen yana iya shiga, sai dai duk abin da zai zuba daga aljihunsa ne, babu kason kamfani.

Hujja ta biyu ita ce ƙananan masu sana'a ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Doka ta riga ta ji wannan kuka. Fansho bai zama dole ba sai ma'aikata sun kai 15. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin kamasho da masu aikin noma na lokaci guda. Mai kemis a Gwaram da yaransa biyu ba shi ne abin magana ba. Abin magana shi ne mai mutum arba'in da ya rubuta goma sha huɗu a matsayin ma'aikata, ya kira sauran 'yan kwangila, don ya tsaya daf da layin da doka ta ja. Wannan wayo ne, ba talauci ba.

Hujja ta uku ita ce akwai waɗanda kwangila ta fi musu. Gaskiya ne. Mai tarakta da ke zagaya gonaki, magini mai yaransa, makanikin da ke gyara injinan kamfanoni uku, duk sun fi son 'yancinsu, kuma suna sa farashinsu ta yadda zai rufe ranar ciwo da ranar rashin aiki. Su ne ma'aunin da ke tona asirin sauran. Ɗan kwangila na gaskiya yana iya cewa a'a, yana iya ƙara kuɗi, yana da wasu masu ba shi aiki. Wanda aka ɗora wa asarar ɗan jinga aka hana shi 'yancin ɗan jinga, an tauye shi ta gaba da baya.

Abin da ya rage a yi

Wanda yake cikin wannan hali kada ya jira ranar sallama, domin a ranar ihu ne bayan hari. Kotu hujja take so. Ya ajiye takardar ɗaukarsa da duk sabuntawar da aka yi mata, da saƙonnin banki da ke nuna kuɗi iri ɗaya a rana iri ɗaya, da katin shaidar kamfani, da jadawalin aiki, da duk takardar tuhuma da aka taɓa ba shi kan makara, domin ba a tuhumar ɗan jinga kan makara. Idan ana riƙe masa haraji, ya nemi takardar shaidar cewa an kai wa hukuma da sunansa, in ba haka ba za a iya sake binsa kuɗin da ya riga ya biya. Wanda ake kira ma'aikaci ma kada ya saki jiki. Doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin fansho. Idan takardar albashi tana nuna an cire amma asusun bai motsa ba wata da watanni, kuɗin yana aljihun wani, kuma hukumar PenCom tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Sai dai babban nauyin ba na matashin da ke tsoron rasa abincinsa ba ne. Hukumar haraji ta jiha tana karɓar jerin PAYE daga kamfanoni, tana kuma karɓar jerin harajin riƙo. Sunan da ya bayyana a jeri na biyu sau goma sha biyu a shekara, daga kamfani ɗaya, da adadi ɗaya, ya isa a aika wa kamfanin takardar tambaya. Ma'aikatar da ke sabunta lasisin makarantu da asibitocin kuɗi tana iya neman shaidar biyan NSITF kafin ta buga hatimi. Gwamnatin jiha kuma ta rubuta wa kowane shirinta na wucin gadi iyakar shekarun da mutum zai yi a cikinsa, ta kuma lissafa waɗannan shekaru cikin shekarun aikinsa ranar da aka tabbatar da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gagari hukumar da ta ga dama.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai kamfanin da ya karɓi safiyar mutum da yammacinsa, ya hana shi yi wa wani aiki, ya riga ya ci lada. Askin shi ne kashi 10 na fansho, da kashi 1 na inshora, da kwana goma sha takwas na hutu da jinya, da takardar da ta kira mutumin da sunan aikin da yake yi.